Karfe nawa ya kamata mu bar masauki?

"Mu arba'in ne, jirginmu zai tashi daga Jidda 10 na dare. Yaushe za mu bar Makka?"

Ku lissafo daga baya. A lokacin Hajji a kan bukaci mahajjata su isa filin jirgi awa shida kafin tashi, wato 4 na yamma, saboda awon kaya da layin fasfo. Makka zuwa Jidda kusan kilomita 80 ne, amma ku ba bas awa biyu. Loda jakunkuna da kirga mutane ma awa guda ne, don ba a rasa dattijon da ya koma neman takalmi. Kenan 1 na rana kowa yana bakin mota. Dawafin bankwana kuwa, ku gama shi da asuba. Ku nemi jami'in alhazanku ya tabbatar muku da lokacin bas.