Kore ba ɗaya ba ne

"Maigida, na rubuta wa manhajar ƙirƙirar hoto lambar kalar kamfanin, #00843D, amma kullum wani koren daban take fito mini da shi. Yaya zan yi?"

Kai yaro, daina wahalar da kanka. Manhajar nan ba ta auna kala. Ta ga dubban hotuna da aka kira kore, sai ta yi kirdado a tsakaninsu, lambar da ka rubuta kuwa a wurinta kusan kalma ce kamar sauran. Ku yaran yanzu kun ɗauka komai rubutawa ake yi ya fito.

Ni da kake gani, shekara ashirin ina harkar ɗab'i a Kano, amma bara abin nan ya ci ni. Wani mai kamfanin ruwan roba ya kawo aikin fosta da sitika, yana ta azalzala ta wai jibi za su buɗe sabon reshe. Na sa manhajar ta yi mini hoton ma'aikaci sanye da rigar kamfanin, koriya. A allon kwamfuta ya yi kyau, na tura masa ta waya ya ce a buga. Da aka kai kaya aka liƙa kusa da tsohon allonsu, rigar ta ja zuwa shuɗi-shuɗi, kamar ta wani kamfani. Mutumin da bakinsa ya ce a buga, shi ne ya ƙi biyan cikon kuɗina, ya bar ni da asarar takarda da tawada. Har yau in na gan shi raina ɓaci yake. Da na koma na ɗora Eyedropper, ma'aunin kala na Photoshop, a kan rigar, sai na ga R 46, G 139, B 87, alhali nasu R 0, G 132, B 61 ne, wato adadin ja da kore da shuɗi da ke cikin kalar.

Tun daga ranar ba na tambayarta kalar kamfani. Farar riga nake cewa ta yi, ko farar roba, da haske mara launi, don hasken yamma yana rina komai. Sai in kai Photoshop in zagaye rigar (wannan ba sai na koya maka ba), in ɗora Solid Color da ainihin lambar, in mai da shi Multiply. Inda ƙasan yake fari sol, lambar za ta fito daidai, inuwa da lanƙwasar yadi kuma su zauna yadda suke. In ka auna ka ga ta yi duhu, farin ne bai kai ba, ɗaga shi da Levels. Ka auna a inda haske ya sauka sosai, ka saita Eyedropper a 5 by 5 Average, ban da cikin inuwa.

Tambari kuwa kada ka kuskura ka bar ta ta zana. Karɓi fayil ɗin asali a hannun kamfani ka ɗora da kanka.

Kuma kore yakan dusashe in an juya shi zuwa CMYK, tsarin kalar injin ɗab'i. Buga gwaji ɗaya a kan takardar da za a yi aikin, ka fita da shi rana ka kara da tsohon kayansu, mai aikin ya sa hannu a bayansa kafin ka tayar da inji.