Buga gem ko kiran bidiyo alhali waya tana caji: me yake yi wa batir?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A unguwarmu wuta ba ta daɗewa, saboda haka da an kawo nakan sa wayata a caji in ci gaba da buga gem, wani lokacin kuma kiran bidiyo da yayana da ke Saudiyya. Bayanta yakan yi zafi sosai, kuma yanzu cajin ba ya kai ni yamma kamar da. Abin da nake yi ne ya jawo?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Eh, akwai hannun wannan ɗabi'ar a ciki, kuma zafin da kake ji a tafin hannunka shi ne mai laifin.

Mutane da yawa suna cewa wai wuta tana shiga batir tana fita a lokaci guda, shi ya sa yake lalacewa. Ba haka abin yake ba. Wutar da caja ta kawo takan rabu biyu, wayar ta ɗebi abin da take bukata don aikinta, ragowar ta shiga batir. Matsalar ita ce kowanne daga cikin ayyukan biyu yana haifar da nasa zafin, kuma cikin jiki ɗaya suke, siriri, wanda ba shi da fanka.

Mu ɗauki waya irin wadda ta cika kasuwa, mai batir 5000 mAh da caja mai wat 18. Gem mai nauyi yakan sa firosesa, wato ƙwaƙwalwar waya, da fuskarta su ci wat huɗu zuwa shida, kuma kusan duk wannan zafi yake komawa. Caji shi ma ba ya tafiya kyauta. Wajen sauke ƙarfin wutar caja zuwa wanda batir zai karɓa, da wajen tura ta cikin batirin, ana asarar kamar wat ɗaya ko biyu a matsayin zafi. Kowanne shi kaɗai wayar za ta iya fitar da shi ta gilashi da bayanta. In suka haɗu, ga riga mai kauri a jikinta, ga hannu ya rufe bayan, ga ɗakin da kansa ya haura digiri 35 kamar yadda ake yi a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, ba wuya batirin ya wuce digiri 40. Kamfanin Apple ma digiri 35 ya sa a matsayin iyakar zafin wurin da ya kamata a yi amfani da wayoyinsa, kuma batiran sauran wayoyi iri ɗaya ne da nasa, wato na litiyam.

Kiran bidiyo yakan ruɗi mutane domin ba ya kama da aiki mai nauyi. Amma kyamara tana kunne, fuska tana haske, firosesa tana matse hotonka tana warware na yayanka, sannan wayar tana aika data ba tsayawa. In sabis ya yi rauni, sai ta ƙara ƙarfin aikawa don ta kai ga turken sabis, zafi ya ƙaru. Kiran awa guda a ɗakin da sabis ke sanda ɗaya yana iya gasa waya kusan kamar gem.

To me zafin yake yi a ciki? Cajin da batir ke riƙewa ya dogara ne da yawan litiyam da ke kai da kawo tsakanin ɓangarorinsa biyu. A kan ɓangare ɗaya akwai wani siririn ɓawo da ke samuwa tun batirin yana sabo, kuma a hankali yake ƙara kauri tsawon rayuwarsa. Duk kaurin da ya ƙara, litiyam ya ci, kuma wanda ya ci ba ya dawowa. Zafi yana hanzarta wannan. Ƙiyasin da masana sinadarai ke amfani da shi shi ne ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin irin wannan aiki. Ɓawon kuma yana tare hanyar wuta, don haka tsohon batir ya fi sabo saurin ɗaukar zafi, sai lalacewar ta riƙa ciyar da kanta.

Wurin da na fi so ka kula shi ne lokacin da waya ta cika. A kashi 100, batirin yana kan ƙarfinsa mafi girma, kimanin bolt 4.4 a yawancin wayoyin yanzu, kuma a wannan matsayi ne ruwan sinadarin da ke cikinsa ya fi saurin ruɓewa. Wanda wayarsa ta cika ya bar ta a jone ya ci gaba da gem na awa biyu ya haɗa mata abubuwa biyun da ta fi ƙi, cika da zafi. A ganina wannan ya fi buga gem tana kashi 40 illa nesa ba kusa ba, ga shi kuma shi mutane suka fi ɗauka ba komai, tunda ai ta riga ta cika.

Kana iya auna abin da kanka. Manhaja irin AccuBattery tana nuna zafin batir a wayoyin Android. Ƙasa da digiri 35 lafiya lau ne. In kana ganin 40 zuwa sama a kai a kai, batirin yana tsufa da wuri. Wayar ma takan faɗa maka da halinta: caji ya koma tafiyar hawainiya ko ya tsaya, hasken fuska ya ragu da kansa, gem ya fara sarƙewa. Duk kare kanta take yi. Alamar da ba a wasa da ita ita ce kumburi. In murfin baya ya fara ɗagawa ko fuska ta turo, iskar gas ce ta taru a batirin. Ka daina cajinta, kada ka danna wurin, ka kai wa mai gyara ya canza shi.

Na san ba za ka iya zaɓar lokacin da za a kawo wuta ba, don haka ba zan ce ka daina taɓa waya gaba ɗaya ba. Da an kawo, ka cire mata riga, ka ajiye ta a kan tebur ko siminti, ba katifa ba, ka ba ta minti talatin zuwa arba'in ta sha caji ita kaɗai. Da caja mai wat 18 wannan zai ba ka kusan kashi 30 zuwa 40, kuma ya fi sauri a kan in kana riƙe da ita. Sai ka zare ka buga gem ɗinka. In kiran yayanka ya faɗo a lokacin, ka jingina wayar a jikin wani abu maimakon riƙewa, ka rage haske, ka zauna inda sabis ya fi ƙarfi ko gaban fanka. Fawa bank yana raba ka da jiran wuta, amma jona shi kana gem caji ne dai, zafinsa ɗaya.

Ka kuma duba saitin wayarka. Wasu wayoyin Infinix suna da Bypass Charging, wasu na Samsung kuma Pause USB Power Delivery a cikin saitin gem. Aikinsu shi ne su kai wutar caja kai tsaye ga wayar ba tare da cajin batir ba, sai zafin caji ya fita daga lissafi. In babu wannan, nemi inda ake tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kamar Battery protection a Samsung.

Ƙarfin da batirinka ya riga ya rasa ba zai dawo ba, kuma babu manhajar da ke gyara shi, duk abin da tallarta ta ce. In ya kai ga ba ya yi maka rabin yini, canza shi ne mafita, sabon kuma ka fara da shi a kan wannan tsari.