Wasan Nim: yadda ake gano inda za a ɗiba

"'Yan'uwa, ƙanena kullum sai ya cinye ni a Nim. Tsibi uku muke yi, 3, 4 da 5, wanda ya ɗauki dutsen ƙarshe ya ci. Sa'a ce ko dabara?"

Malam, babu sa'a a ciki, ƙanenka lissafi yake yi maka. Tun 1901 Charles Bouton na Jami'ar Harvard ya warware wasan nan kaf. Na daɗe ina koya wa ɗalibai shi da tsakuwa, kuma in dai kai ne za ka fara a 3, 4, 5, cin naka ne.

Ka fasa kowane tsibi a ranka zuwa 4, 2 da 1, kada ka maimaita ko ɗaya a tsibi guda. Uku shi ne 2 da 1, huɗu yana nan a 4, biyar kuma 4 da 1. A rubuce, gurbin farko na 4 ne, na biyu na 2, na uku na 1, kuma 1 na nufin akwai, 0 babu:

```
3 = 011
4 = 100
5 = 101
XOR 010
```

Aikin XOR shi ne soke duk abin da ya zo bibbiyu. Huɗu biyu sun kashe juna, ɗaya biyu ma haka, saura 2 ba shi da abokin tafiya. Burinka kullum ka miƙa wa abokin wasa tsibin da komai ya yi bibbiyu, wato XOR ya zama sifili. A tsibin 3 kaɗai 2 yake, sai ka ɗebe biyu daga nan, a bar 1, 4, 5.

Dalilin da ya sa hakan ke aiki: daga tsibi ɗaya kawai ake ɗiba, don haka duk abin da ya taɓa sai ya ɓata daidaiton, kai kuma kullum akwai hanyar gyarawa. Fili babu dutse ma sifili ne, kenan kai za ka kai wasan can.

Ga inda mutane ke faɗawa rami. A ce ya ɗebe uku daga biyar, saura 1, 4, 2. Yanzu XOR ya ba da 7, amma ba bakwai za ka ɗiba ba, ina ma za ka same su? Ka yi XOR na 7 da kowane tsibi, ka nemi wanda ya ragu. 4 da 7 sun ba da 3, to mayar da huɗun uku, dutse ɗaya tak. Saura 1, 3, 2, ya shiga hannu.

In aka miƙo maka sifili, kamar 1, 2, 3, babu ɗibar da za ta cece ka. Ɗauki ɗaya-ɗaya ka ja wasan, ko zai yi tuntuɓe.

Ka kuma tabbatar da ƙa'ida kafin a fara, domin wasu suna yin wanda mai ɗaukar na ƙarshe shi ya faɗi. A nan dabarar ɗaya ce har sai tsibi guda ne kawai ya haura dutse ɗaya. Sannan ka rage shi yadda tsibi masu dutse ɗaya-ɗaya za su saura guda ɗaya, uku ko biyar.