Rahoton darussan aikin gyaran hanya: me ya kamata ya shiga ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ƙaramin injiniya ne a Gombe. Mun gama gyaran wata hanya, oga ya ce in rubuto rahoton darussan da muka koya. Na duba na ayyukan baya, duk abu ɗaya suke faɗa: damina ta kawo tsaiko, kuɗi ba su fito da wuri ba. Haka zan bi, ko akwai yadda ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka bi su. Kowa ya san ana ruwa a Gombe daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta, tun kafin a sa hannu a kwangilar. Wanda ya rubuta cewa damina ta kawo tsaiko bai faɗa wa na bayansa komai ba. Abin da ake nema shi ne dalilin da ya sa damina ta riske ku da jar ƙasa a shimfiɗe babu kwalta a kanta, da kuma shawarar da ta jawo hakan.

Ni ma'aunin da nake auna kowane darasi da shi guda ne: in injiniyan da zai tsara aiki na gaba ya karanta, akwai takardar da zai buɗe ya sauya wani abu a ciki? Ko zanen hanya, ko BEME, wato takardar lissafin yawan aiki da kuɗinsa, ko sharuɗɗan kwangila, ko jadawalin aiki. In babu, cire shi, labari ne kawai. Kafin darasi ya kai wannan matsayi sai ya faɗi wurin da abin ya faru da lambar kilomita, abin da aka zata, abin da aka tarar, musabbabi tare da hujjarsa, abin da ya ci na kuɗi da lokaci, sannan gyaran da za a yi da ofishin da zai yi shi. Musabbabin nan shi ne wurin wahala, don haka a kansa zan tsaya.

Mu ɗauki misali, lambobin na kwatance ne. A ce hanyarku kilomita 12 ce, faɗin kwalta mita 7.3. Damina ta farko bayan an gama, daga 7+200, wato kilomita 7 da mita 200, zuwa 7+650 kwalta ta tsattsage ƙanana-ƙanana kamar bayan kada, sawun taya ya lotsa, ramuka sun fara buɗewa. Sauran hanyar lafiya lau. In ka zauna taro a kan wannan, ɗan kwangila zai ce tireloli ne masu lodin da ya wuce ƙa'ida, ma'aikata za ta ce jar ƙasar da ya zuba ce ba ta da kyau, kowa ya ja bargo gefensa. Kai aikinka ka je wurin ka tantance.

Fara da zancen lodi, domin shi ya fi saurin warwarewa. Tirelar da ta bi 7+200 ita ce ta bi kilomita ta uku da ta goma. In lodi ne, lalacewar za ta bi tsawon hanya, kuma ta fi tsanani a hannun da motoci ke bi ɗauke da kaya fiye da hannun da suke dawowa wayam. Wanda ya san hanyoyin da motocin simintin Ashaka ke bi ya san wannan alama. Lalacewar da ta tsaya a mita 450 kaɗai, ta kama hannu biyu daidai, ba lodi ne tushenta ba, ko da ya ƙara mata sauri.

Sai jar ƙasa. A haƙa ramin gwaji biyu ko uku a inda ya lalace, da ɗaya a inda yake lafiya don kwatantawa. A auna kaurin kowane shimfiɗi, a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji. Ƙa'idar ma'aikatar ayyuka ta tarayya ta 1997, wadda yawancin kwangilolinmu ke jingina da ita, tana neman CBR, wato ma'aunin ƙarfin ƙasa, na aƙalla 80 ga shimfiɗin da ke ƙarƙashin kwalta, da 30 ga na ƙasansa. Ka ɗauko sakamakon gwajin lokacin aiki ka jera da na yanzu. Ka kuma duba ranar da aka gwada ramin ɗiban ƙasa da ranar da tifofi suka kawo ƙasar wannan wurin. Sau da yawa sama-saman rami ake gwadawa a farkon aiki, ana ci gaba da haƙa har a nutsa cikin laka, ba wanda ya sake ɗaukar samfuri. In haka ta faru, takardun za su nuna giɓin da kansu.

A misalinmu a ce ƙasar ta ci gwaji, kaurin ma ya cika, amma samfurin wurin da ya lalace jiƙe yake sharkaf, na wurin lafiya kuwa a bushe. To ruwa ne. Sai ka duba zanen tsayin hanya ka ga 7+400 nan ne kwari, kuma akwai tsohon kwalbati na bututu ɗaya mai faɗin milimita 900, wanda aka bari yadda yake, aka yi wa bakinsa yaɓen siminti kawai. Bakin irin wannan bututu bai wuce murabba'in mita 0.64 ba. Leƙa ciki. In yashi ya cike rabi, saura 0.32. Dubi jikin bangon kwalbatin ta gefen da ruwa ke shigowa, za ka ga layin datti da karare da ledoji da ruwa ya bari, shi ne tsayin da ruwan ya kai. In layin ya haura matakin jar ƙasar, ka sami hujjarka: ruwa yana taruwa ya kwanta a jikin hanya, ya tsuma ta daga gefe. Ɗauki hoto da sandar awo a tsaye a wurin.

A nan yawancin rahotanni ke tsayawa, su rubuta cewa kwalbati ya yi ƙanƙanta. Gaskiya ne, amma saura tambaya ɗaya: me ya sa aka bar shi? Koma cikin fayil. Wataƙila ka tarar an yi safiyon hanyar a watan Maris, ƙasa a bushe ƙayau, mai zane ya ga kwalbati bai fashe ba ya rubuta a bar shi, bai sake lissafin ruwan da ke gangarowa ba. Alhali filin da ke sama, wanda gonaki ne lokacin da aka gina kwalbatin, yanzu unguwa ce cike da rufin kwano, ruwan da ƙasa ke shanyewa a da duk titi yake nufowa, ɗauke da yashi. Wannan ba baƙon abu ba ne a Gombe, garin da ya bunƙasa sosai tun da ya zama babban birnin jiha a 1996, ga ƙasa mai rairayi da zaizaya. Kuma da an tambayi mai unguwa ko manoman gefen hanya inda ruwa ke kwanciya a Agusta, da sun nuna wurin da hannu.

Yanzu darasin ya fito, ga yadda zan rubuta shi. Daga 7+200 zuwa 7+650 hanya ta lalace a damina ta farko. Gwaji ya nuna jar ƙasar ta cika ƙa'ida amma ta jiƙe. Kwalbatin 7+400 bai isa ba, an bar shi ne bisa duban ido a lokacin rani ba tare da lissafin ruwa ba. Gyara ya buƙaci cire jar ƙasa kimanin kubik mita 490, wato tsawon mita 450 sau faɗin 7.3 sau kaurin 0.15, sake zuba kwalta, da gina kwalbati mai kusurwa huɗu na mita 2 da mita 1.5, wanda bakinsa murabba'in mita 3 ne. Shawara ga sashen zane: a sa a cikin sharuɗɗan mai zane cewa duk tsohon kwalbatin da za a bari sai an haɗo da lissafin ruwansa, kuma a zagaya hanyar sau ɗaya a damina tare da mutanen wurin. Shawara ga sashen kula da hanyoyi: a sa yashe kwalbatoci kafin Mayu a kasafin kowace shekara. Ka ƙara kuɗin gyaran daga takardun biya, kusa da abin da kwalbatin zai ci da tun farko aka gina shi. Lambobin nan biyu su manya ke fara dubawa.

Ka lura ban ambaci sunan kowa ba. Rubuta matsayi da shawarar da aka yanke, ka bar sunaye. Da zarar mutane suka ji rahoton na neman mai laifi ne, bakin kowa zai mutu, fayiloli su fara ɓata. Amma barin suna ba ya nufin rufa wa ofishinku asiri. In jinkirin biyan ɗan kwangila ne ya tura aikin kwalta cikin damina, rubuta ranar da ya miƙa takardar neman biya da ranar da kuɗin suka shiga, ka bar ranakun su yi magana. Na san ƙaramin ma'aikaci na jin nauyin wannan, shi ya sa kwanan wata ya fi ra'ayi sauƙin karewa a gaban oga.

Kayan aikinka littafin da ake rubuta aikin kullum ne, da bayanan tarukan wata-wata, umarnin sauya aiki, sakamakon gwaji da hotuna. Ƙwaƙwalwa kaɗai ba ta isa ba. Ka kuma zauna da fomanin ɗan kwangila da direban rola da mai ɗaukar samfuri, kowa shi kaɗai, kafin su watse zuwa wani aikin. Direban rola ya san inda ƙasa ta riƙa motsi a ƙarƙashinsa ko da takarda ta ce ta danne. In hanyarku ta ratsa baƙar laka irin ta wajen Cham a kan hanyar Numan, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, tambaye su zurfin da aka cire da gaske, ka kwatanta da na zane. Dogon tsagu da ke bin gefen kwalta shi ne alamarta.

Abin da ya yi kyau ma a rubuta shi da irin wannan dalla-dalla, misali in biyan diyya kafin shigar injina ya hana tsaiko. Darussa biyar ko shida da aka bi har tushe sun ishi rahoto, a jera su daga wanda ya fi cin kuɗi.

Sai maganar lokaci. In a rani kuka gama, hanyar ba ta ga ruwa ba tukuna, don haka rahotonka rabi ne. Miƙa shi yanzu, amma ka rubuta a shafin farko cewa za a ƙara masa bayan damina. Yawancin kwangiloli suna da wata 12 da ɗan kwangila ke da alhakin gyara duk abin da ya ɓaci, ana riƙe da wani kaso na kuɗinsa har lokacin ya cika. Zagaya hanyar da ƙafa washegarin wani babban ruwa a Agusta, ka sake zagayawa a ƙarshen Oktoba, ka kammala rahoton kafin a saki kuɗin. Kwafi ɗaya ya shiga fayil ɗin aikin, ɗaya ka kai da hannunka ga shugaban sashen zane, ka karɓi sa hannun cewa ya iso.