Ko tsabtar yaro na ƙara masa maki a wurin malami?

Tambaya: Malam, ɗana yana aji shida na firamare a nan Garwa ta Kamaru. Kullum sai ya ɗebo ruwa kafin ya tafi makaranta, yana isa duk ƙura. Lissafi yakan ci 14 cikin 20, amma insha'i bai taɓa wuce 9 ba, alhali abokinsa mai gogaggen kaya, wanda tare suke karatu, yana cin 13. Malamin ne ke duban riga, ko zargi ne kawai nake yi? (Wata uwa daga Garwa)

Amsa: Hajiya, zarginki yana da tushe, ko da yake makin nan kaɗai bai isa a kama malami da laifi ba. A 1973 wasu masu bincike biyu a Amurka, Clifford da Walster, sun ba malaman aji biyar takardar sakamako iri ɗaya, hoton yaron da ke jiki kawai suka riƙa sauyawa. Inda hoton na kyakkyawan yaro ne, malaman sun fi cewa yana da basira, zai yi nisa a karatu, har ma iyayensa sun damu da iliminsa. Mugunta ba ta cikin lamarin. Ido ne ke riga hankali yanke hukunci, malamin ma bai san yana yi ba.

Sai dai wannan son zuciyar ba ko'ina yake samun ƙofa ba. A lissafi, bakwai sau takwas 56 ne, ko yaro ya zo da takalmi ko bai zo ba. Insha'i kuwa, da amsar baka, da makin ladabi, malami ne ke aunawa da ra'ayinsa. Wani bincike na 2022 a jami'ar Lund ta Suwidin ya ga haka: kyau ya ƙara wa ɗalibai maki a darussan da ba na lissafi ba, kuma da karatu ya koma ta intanet lokacin korona, ƙarin da 'yan mata kyawawa ke samu ya ɓace. Shi ya sa tazarar 14 da 9 ta ja hankalina. Amma yara da yawa sun fi ƙarfi a lissafi saboda Faransancin da ake rubuta insha'i da shi ne ke ba su wuya, don haka sai an gwada.

Ki karɓi takardar insha'in ɗanki da ta abokinsa, da yardar iyayensa. A sa mutum ɗaya ya kwafe su da hannunsa, har da kurakuran, kada ya gyara ko waƙafi, kada ya sa suna. A kai wa malamin wani aji, tare da rabon maki a rubuce: a ce 8 ga ma'ana, 4 ga tsari, 8 ga nahawu da ƙa'idar rubutu. In suka fito 12 da 11, maki uku cikin huɗun da ke tsakaninsu ba daga abin da aka rubuta suka zo ba. In suka sake fitowa 13 da 9, malami ya fita, sai a tsaya wa yaro kan Faransanci. A yi da takardu biyu ko uku, domin ko malami mai adalci yakan saɓa da kansa da maki ɗaya.

Ko tazarar ta rufe, kada ki ce riga ce tukuna. Sau da yawa takardar ce da kanta: hannun da ya sha igiyar rijiya yana rawa, gumi ya ɓata shafi, an soke layi an sake sokewa. Malamin da ke da takardu tamanin a gabansa, da dare, ba ya tsayawa tono ma'ana a irin wannan shafi. Wannan kuna iya gyara shi a gida: ruwan wanke hannu da ƙyalle a jaka, littafi a cikin leda, ɗiban ruwa kuma ya koma yamma in da hali.

Abin da ya fi damuna ba jan biro ba ne, zaman aji ne. Yaron da ake sa ran ya sani, shi ake zaunarwa gaba, shi ake kira allo, in ya yi shiru a jira shi, in ya kuskure a sake masa tambayar. Wanda aka raina, kafin ya haɗa jimla an wuce shi. Masu nazari sun nuna cewa tasirin tsammanin malami ba shi da girma a kan yawancin yara, amma ya fi nauyi a kan waɗanda dama ake yi wa kallon ƙasa. Ki tambayi ɗanki inda yake zama, da ranar da aka kira shi allo ta ƙarshe.

In za ki ga malamin, ki je da takardun, ki roƙe shi ya nuna miki inda maki 11 suka zube, layi bayan layi. Ki kuma nemi shugaban makaranta, ta bakin ƙungiyar iyaye, a riƙa naɗe sunan yara a jarrabawar gwaji, yadda ake ɓoye shi a jarrabawar kammala firamare ta CEP da ɗanki zai zauna a ƙarshen shekara.