Ina ya kamata gida ya fuskanta saboda zafin la'asar?

Tambaya: Na sayi fili a Birnin Kebbi, titi yana yamma da shi. Yaya zan ajiye ginin don kada ɗakuna su yi zafi da la'asar?

Amsa: Malam, ka shimfiɗa tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, wato dogayen bango su kalli arewa da kudu, gajeren bango ne kawai zai kalli titi. A ce ginin mita 15 ne da mita 9, tsayin bango mita 3. Idan gajeren ya kalli yamma, murabba'in mita 27 rana za ta gasa. Idan dogon ne, 45.

Dalili shi ne, a Maris da Afrilu rana kusan tsakiyar ka take bi da azahar, don haka bakin rufi da ya fito santimita 60 ya isa ya inuwantar da tagogin kudu da arewa. Amma daga ƙarfe uku ta sauko ƙasa, tana dukan bangon yamma kai tsaye, bakin rufi ba ya tare ta. Bulo ya sha zafin nan, sai dare ya yi ya sake shi cikin ɗaki. Taɓa irin wannan bango daga ciki bayan isha'i, za ka ji shi da ɗumi.

Saboda haka kada ka biye wa mai gini ya jera manyan tagogi wajen titi don kwalliya. Banɗaki da sito da gareji su tare yamma, ɗakunan kwana su koma gabas da tsakiya. Idan dole sai taga, a yi ƙarama, a sa mata baranda mai zurfi, sannan ka dasa darbejiya kamar mita 5 daga bango saboda saiwa.