Yadda ake rubuta labarin aikin Hajji

"Na rubuta labarin Hajjina, amma ya fito kamar jerin sunaye: Madina, Makka, Mina, Arfa. Ina gyaran yake?"

Gyaran shi ne ka zaɓi hali guda da ka bar gida da shi, kamar son girma, ka bi sawunsa, kada ka ambaci wuri sai inda ya taɓa wannan hali. Idan a Mikati ka ɗaura harami, ka ga ba a bambance ka da yaron shagonka, to nan ya cancanci shafi guda, filin jirgin Jidda kuwa layi ɗaya ya ishe shi.

Sharaɗin shi ne kada ka ce "zuciyata ta sauya", domin a ganina mai karatu ba ya gaskata wannan sai ya ga aiki. Nuna yadda aka taka ka a cunkoson jifa ka haɗiye maganar da a kasuwa da ka furta ta.